Takardar Gargaɗi ta Farko a Kan Makara

Shagon Kitso da Lalle, Agege, Legas
14 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Malama Hadiza, mai kitso

Assalamu alaikum.

Bisa yarjejeniyar aikinki, ana buɗe shago ƙarfe 9:00 na safe. Littafin sa hannu ya nuna kin iso 9:50 ranar 1 ga wata, 10:15 ranar 5, sai 10:40 ranar Asabar 12 ga wata. A ranar Asabar ɗin amarya ta zauna jiranki fiye da awa ɗaya, dole Maman Ummi ta bar tata kwastomar ta karɓe ta. Mun riga mun yi magana baki da baki ranar 7 ga wata.

Na san daga Mile 12 kike tasowa, kuma babu wanda bai san cunkoson hanyar Ketu ba. Aikin hannunki kuwa, ba a taɓa kawo mini ƙara a kansa ba. Sai dai duk wadda muka ba lokaci, alkawari muka ɗauka.

Daga gobe ki kasance a shago kafin 9:00. Idan uzuri ya taso, ki kira ni kafin 8:30. Za mu zauna ranar 14 ga Nuwamba mu duba littafin tare. Idan makarar ta ci gaba, gargaɗi na ƙarshe zai biyo baya.

In kina da bayani, ki rubuto cikin kwana 3, zan haɗa shi da wannan takarda a fayil ɗinki. Ki sa hannu a kwafi na biyu, shaidar kin karɓa ce kawai.

Nagode,
Hajiya Rabi, mai shago