Saƙonnin bayan amsa na kwis ɗin mako na 4, ɓangaren Hausa

Malam Nasiru barka da dare, ya iyali. Ga saƙonnin da ɗalibai za su gani bayan sun danna amsa a kwis ɗin gudawa da tamowa, na gama na Hausa saura kai ka ɗora na Turanci kafin Alhamis don ranar Asabar za a buɗe wa 'yan sa-kai na ƙauyuka. Don Allah kar ka ƙara komai a Turancin da babu shi a Hausar, wancan makon mai Turanci ya samu har da lambar shafi shi kuma mai Hausa "ba daidai ba" kawai ya gani, kuma a waya ɗaya wasu suke yi, suna gwadawa.

Haka za ka jera su a Moodle, biyun manne da juna kar ka sa wani rubutu a tsakani, in ba haka ba tacewar da ke zaɓar yare ba ta ɗaukar su a matsayin abu ɗaya:

```
<span lang="ha" class="multilang">Daidai ne. Lita 1.</span><span lang="en" class="multilang">Correct. 1 litre.</span>
```

Za ka lura ban ce "ka yi daidai" ko "kin yi daidai" ba ko sau ɗaya. Ku a Turanci kalma ɗaya ta wadatar, mu kuwa sai mun zaɓa, kuma fiye da rabin ajin nan mata ne, shi ya sa na koma "an" da "a". Kuma babu inda na ce zaɓi na biyu ko na uku tunda mun kunna Shuffle, abin da yake na biyu a wajen wani na huɗu ne a wajen wata.

Tambaya ta 1, ƙunshin ORS na lita 1 a ruwa nawa ake narkar da shi

In an zaɓi lita 1: Daidai ne. Lita 1 na ruwa mai tsafta, wato ledar fiya wata guda 2 masu rabin lita. A juye ƙunshin gaba ɗaya, kuma abin da ya rage bayan awa 24 a zubar a haɗa sabo.

In an zaɓi rabin lita: Ba haka ba ne. Ruwan ya yi kaɗan, gishiri da sukarin za su yi yawa, hakan na iya ƙara wa yaro gudawar. Wannan ƙunshin na lita 1 ne. Kullum a duba abin da aka rubuta a jikin ƙunshin kafin a haɗa.

In an zaɓi kofi ɗaya: Ba haka ba ne. Kofi suna ya tara, na wani gida ya ninka na wani. A auna da abin da aka san girmansa, lita 1.

Tambaya ta 2, zink ga yaro ɗan wata 9

Miligiram 20 kullum kwana 10 zuwa 14: Daidai ne. Daga wata 6 zuwa sama miligiram 20 ne a rana, kwana 10 zuwa 14.

Miligiram 10: An kusa, amma wannan awon na jaririn da bai kai wata 6 ba ne. Ɗan wata 9 miligiram 20 yake sha.

A daina da zarar gudawa ta tsaya: Ba haka ba ne, kuma nan ne iyaye da yawa suke tsayawa. Ko gudawar ta tsaya a kwana na 3 a ci gaba har kwanakin su cika, domin zink yana rage yiwuwar ta dawo a watannin da ke biye. A gaya wa uwa wannan tun ranar farko.

Tambaya ta 3 ita ce ta ba ni wahala wallahi, sai da na sake rubuta ta. Da cewa take "ba a ba jariri ɗan wata 4 ruwa ko?" da eh da a'a. To Bahaushe in ya ce eh a nan nufinsa eh ba a ba shi, mai tunani da Turanci kuma a'a zai danna kuma nufinsu ɗaya, kenan wanda ya san amsar ma sai ya faɗi ya danganta da yaren da ya buɗe. Na mai da ita magana miƙaƙƙiya, "jariri ɗan wata 4 nono kaɗai ya ishe shi ko lokacin zafi", gaskiya ko ƙarya. Kai ma kar ka mayar da ita tambayar korewa.

Gaskiya: Daidai ne. Wata 6 na farko nono zalla, babu ruwa babu kunu babu jiƙo. Mafi yawan nonon uwa ruwa ne.

Ƙarya: Ba haka ba ne. Mun san a zafin Afrilu kaka za ta ce yaro na jin ƙishi, kuma tausayi ne ya sa ta faɗa. Abin yi shi ne a yawaita ba shi nono, uwar kuma ta sha ruwa sosai. Ruwan da ake ɗura masa yana cika cikinsa ya rage tsotso, kuma ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga. ORS ko maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta daban ne, wannan ana bayarwa.

Kar ka cire maganar kaka a Turancin don Allah, na san za ka ce ta yi tsawo.

Tambaya ta 4, tef ɗin MUAC ya nuna santimita 11.2 a damtsen yarinya 'yar shekara 2

Ja, a tura asibiti: Daidai ne. Ƙasa da 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. A tura ta yau, ba sai ranar kasuwa ba.

Ruwan ɗorawa: Ba haka ba ne. Ruwan ɗorawa daga 11.5 ne zuwa ƙasa da 12.5. Lambar 11.2 ba ta kai 11.5 ba, saboda haka tana cikin ja.

Kore: Ba haka ba ne. Kore, ko tsanwa, yana farawa ne daga 12.5. A koma bidiyon awon damtse na wannan makon a sake kallon yadda ake karanta tef ɗin.

Lambobin nan a bar su da alƙaluma a duka ɓangarorin, kar a rubuta su da kalmomi, haka suke a jikin tef.

Tambaya ta 5 ta rubutawa ce, kuma na sa akwatin ya karɓi gudawa da zawo da gudanawa duka, kai sai ka ƙara naka har da rubutun Ingila da na Amurka tunda sun bambanta da harafi ɗaya. Saƙon wanda bai samu ba: Amsar ita ce gudawa, wasu na cewa zawo, wato bayan gida mai ruwa sau 3 ko fiye a rana. In amsar da aka rubuta tana nufin haka amma akwatin ya ƙi ta, a sanar da malama a gyara makin.

Sai na ƙarshe, na Overall feedback.

Kashi 80 zuwa sama: Madalla, an ci. Sai a wuce mako na 5.

Kashi 50 zuwa ƙasa da 80: An yi ƙoƙari. A karanta bayanin da ke ƙasan tambayoyin da aka rasa sannan a sake gwadawa, akwai dama 2 da suka rage.

Ƙasa da 50: Tukuna dai. A koma darasin, musamman awon ORS da launukan tef, a sake gwadawa. Mai son ƙarin bayani ya zo zaman Asabar ƙarfe 4 na yamma.

"Tukuna dai" ɗin nan ban san yadda za ka yi da ita ba amma kar ka sa kalmar faɗuwa, matan aure ne da dattawa a ciki masu yin kwis da ragowar data bayan isha'i. In ka gama ka canza yaren shafin ka amsa komai ba daidai ba sau ɗaya a kowane ɓangare, a waya ba a kwamfuta ba, ka duba ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito. Ka gai da Maman Ilham.

Hajara