Darasi: Kusurwar da ke Tsakanin Fuskoki Biyu na Dala ko Rufin Ɗaki

Na gama duba aikin da kuka kawo, kuma mafi yawanku wuri ɗaya kuka yi tuntuɓe. Na ba ku dala mai gindi murabba'i, kowane gefe santimita 10, tsawonta daga tsakiyar gindi zuwa tsini santimita 12, na ce ku nemo kusurwar da fuska guda take yi da gindi. Amsar ita ce digiri 67.4, amma da yawanku kun rubuto 59.5. Abin ya dame ni, domin lissafinku ba shi da aibu, alwatikar da kuka zaɓa ce ba ita ba. Shi ya sa na zauna na rubuto muku wannan, ku karanta a natse, da fensir a hannu.

Ku ɗauki littafi mai bango mai tauri, ku buɗe shi rabi, ku tsayar a kan tebur. Bangon dama fuska ce, bangon hagu fuska ce, sun haɗu a layi ɗaya, wato ƙashin bayan littafin. Yawan buɗewar da littafin ya yi ita ce kusurwar da muke magana a kai. To, yaya za a auna ta? Ku sa ɗigo a kan ƙashin. Daga ɗigon ku ja layi a bangon dama wanda ya yi digiri 90 da ƙashin, ku ja wani a bangon hagu, shi ma digiri 90 da ƙashin. Kusurwar da ke tsakanin layukan nan biyu ita ce kusurwar fuskokin. Ko'ina kuka kai ɗigon, sama ko ƙasa, amsa ba za ta canja ba.

Yanzu ku gwada karya dokar. Ku ja layukan a karkace, dukansu su nufi sama. Za ku ga sun matso kusa da juna, kusurwarsu ta ragu, alhali littafin bai motsa ba. Idan kuka ci gaba da karkata su har suka kwanta a jikin ƙashin, kusurwar za ta koma sifili. Ashe idan ba a gindaya sharaɗin digiri 90 ba, kowa zai samu amsar da ya ga dama. Sharaɗin nan shi ne darasin gaba ɗaya, sauran duk neman alwatika ne.

Mu koma kan dalarmu. Gindinta ABCD, tsininta V, tsakiyar gindi O, kuma VO ya tsaya cak a kan gindi. Fuskar VAB ta haɗu da gindi a layin AB, don haka AB ne ƙashin littafinmu. Mu sa ɗigo M a tsakiyar AB. Layin OM yana kwance a gindi, ya yi digiri 90 da AB, tsawonsa rabin gefe ne, santimita 5. Layin VM yana kwance a kan fuskar, shi ma ya yi digiri 90 da AB, tun da VA da VB tsawonsu ɗaya ne. Ga alwatika VOM nan ta fito, kuma kusurwar da ke M ita muke so:

tan θ = VO / OM = 12 / 5 = 2.4
θ ≈ 67.4°

A nan ma mun samu VM, tsawon gangaren fuskar: √(12² + 5²) = 13. Ku riƙe shi, zai yi mana amfani.

Su kuwa masu 59.5, alwatika VOA suka ɗauka. OA rabin layin da ya ratsa gindi daga A zuwa C ne, kusan santimita 7.07, sai suka raba 12 da 7.07. Abin da suka auna shi ne karkatar ƙashin VA, wato gefen da ya gangaro daga tsini zuwa A. Kusurwa ce ta gaske, amma ta layi da gindi ce, tambayar kuwa ta fuska da gindi ce. OA bai yi digiri 90 da AB ba, 45 ya yi, tun daga nan aka saki hanya. Wanda ya taɓa hawa tudu ya san wannan a ƙafarsa: idan ka fuskanci tudun kai tsaye ya fi tsauri, idan ka bi shi a kaikaice tafiyar ta yi tsawo amma hawan ya yi sauƙi. Ƙashin dala hanyar kaikaice ce.

Akwai tambaya ta biyu da ta fi wannan wuya, kuma ita na fi so: fuskoki biyu maƙwabta, VAB da VAD, wace kusurwa ce tsakaninsu? Yawancin ɗalibai da ganin ido sai su ce 90, tun da AB da AD sun yi 90 a gindi. Amma layin haɗuwar yanzu VA ne, kuma AB bai yi digiri 90 da VA ba. Dole mu ja layi daga B ya sauka a kan VA a digiri 90, a wani ɗigo P. Saboda ɓangarorin biyu iri ɗaya ne, wanda aka jawo daga D shi ma a P zai sauka. Kusurwar BPD muke nema.

Hanya mafi sauƙi ta samun BP ita ce ta fili. Filin fuskar VAB rabin 10 sau 13 ne, wato 65. Filin nan dai shi ne rabin VA sau BP. VA kuwa √(144 + 50) ne, kusan 13.93, saboda haka BP ya zama 130 a raba da 13.93, kusan 9.33. Alwatika BPD tana da ɓangarori biyu masu 9.33, na ukun BD, 14.14. Mu raba ta gida biyu:

sin(φ/2) = 7.07 / 9.33 ≈ 0.758
φ ≈ 98.5°

Ta haura 90. A dala mai gindi murabba'i wadda tsininta ke kan tsakiya, kullum haka take, kuma akwai gajeriyar hanya ta duba amsa: cos φ = −cos²θ. A namu cos θ shi ne 5/13, sai cos φ ya zama −25/169, wanda ya ba da 98.5 ɗin dai. Ku lura da abin da wannan ke faɗa. Idan dala ta yi tsawo sosai, fuskokinta sun kusa zama bango, φ sai ta kusanci 90. Idan ta yi baje-baje kamar faranti, φ sai ta nufi 180. A jarrabawa dai ina so in ga alwatikar BPD a zane, gajeriyar hanyar ta tabbatar da amsa ce kawai.

Mutanen Masar na dā ba su yi aiki da digiri ba, amma wannan alwatika ta VOM ita suke aunawa. Suna tambayar kansu: idan gini ya tashi kamu ɗaya, tafin hannu nawa zai shiga ciki? Kamunsu tafi 7 ne, ma'aunin kuma suna kiransa seked, akwai lissafinsa a takardar Rhind da wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa. Babbar dalar Giza, ta Fir'auna Khufu, gefen gindinta kusan mita 230.3 ne, tsawonta na asali kusan mita 146.6. Ku raba 146.6 da rabin gefen, 115.15, za ku samu kusan 1.273, wato digiri 51.8. Seked ɗin dalar tafi 5.5 ne, ku kuma raba 7 da 5.5, amsa ɗaya za ta fito. A Dahshur kuma akwai dalar Sneferu da ta lanƙwashe a tsaka-tsaki: ƙasanta ya tashi a kusan digiri 54, samanta ya koma kusan 43. Daga nesa ma ido yana ganin inda kusurwar ta canja.

Sai rufi, inda kuskure ke jawo ɓarnar katako da kwano. A ce ɗaki mai faɗin mita 8 da tsawon mita 12, rufinsa ya gangara gida biyu, doronsa ya ɗara saman bango da mita 3. Ku yanka ɗakin a zuci ta faɗinsa, yanka mai digiri 90 da doro. Rabin faɗi 4, tashi 3, rafta 5. Gangaren rufin tan θ = 3/4, wato digiri 36.9. A can kan doro, inda fuskokin biyu suka haɗu, kusurwar ita ce 180 a cire 36.9 sau biyu, kusan 106.3 idan ba a taƙaita lambobin da wuri ba. A wannan buɗewar ake lanƙwasa kwanon da zai rufe doron. Kusurwar gangare tana kuma gaya mana yawan kwanon: filin ƙasa mita murabba'i 96 ne, a raba shi da cos θ, wato 0.8, a samu 120, ban da leɓen da zai zarce bango da inda kwano ke hawa kan kwano.

Idan kuma rufin mai gangara huɗu ne, duka da gangare ɗaya, to a kowace kwana akwai ƙashi da ya taso daga saman bango zuwa doro, kamar VA na dalarmu. Kafinta ya san katakon nan ya fi sauran rafta tsawo, √(9 + 32), kusan mita 6.4, kuma ya fi su kwanciya, kusan digiri 27.9. Fuskokin da suka haɗu a kansa kuwa, cos φ = −0.64, wato kusan digiri 129.8. Rufi ɗaya, gangare ɗaya, amma doro 106.3, kwana 129.8. Wanda ya lanƙwasa murfin kwana da awon doro zai ga ya ɗare sama bai zauna a kan kwano ba, sai an danne shi da ƙarfi, kuma ta irin wurin nan iska ke tura ruwan sama.

Abu biyu kafin ku fara aiki. Ku duba kalkuletarku, ku tabbata DEG ke rubuce a allonta, don idan RAD ne amsar za ta fito 1.18 maimakon 67.4. Sannan a kowace tambaya, layin farko da za ku rubuta ya zama sunan layin da fuskokin suka haɗu a kai. Sai kun rubuta shi za ku nemi alwatika.

Ga aikin da za ku kawo mako mai zuwa. Ku yanko alwatika huɗu daga kwali, kowace ɓangarorinta uku santimita 8, ku manna su da salatif su zama dala mai gindi alwatika. Ku lissafa kusurwar da ke tsakanin kowace fuska biyu, ku nuna cewa cos φ = 1/3, wato kusan digiri 70.5. Daga nan ku yanki wani guntun kwali mai baki irin na almakashi a buɗe, buɗewarsa daidai da amsarku, ku ɗora shi a kan ƙashin dalar a gicciye sosai, ku ga ko ya zauna ba rata. Ku ɗan karkata shi kuma, ku rubuta mini abin da kuka gani.