Saƙon da ya kamata in turo miki tun ranar Asabar

Aminiya,

Ki yi haƙuri da tsawon saƙon nan. Ki karanta shi lokacin da kika samu natsuwa, ba sai kin amsa yau ba.

Ranar Asabar da dare, wajen ƙarfe 11, na ga hotunan da kika ɗora, na rubuta miki: "Iye, an sha shagali, Allah ya bar zumunci." Kika tambaye ni ko lafiya, na ce miki lafiya ƙalau, ba komai. Ƙarya na yi miki, akwai komai. Habaici ne na lulluɓe shi da addu'a, don ki ji a jikinki ba tare da na buɗe baki na faɗi damuwata ba. Yau kwana 4 ke nan ina jiran ki gano da kanki, haushina yana ta ƙaruwa don ba ki gano ba, alhali ni ce na ce miki ba komai. Wannan laifina ne, kuma na daina.

Ga maganar a fili. Raina ya ɓaci da kuka fita ku uku taya autarmu murnar gama karatu, ba wadda ta gaya mini. Ni ce na fara kawo shawarar fitar nan tun wata 2 da suka wuce, kika ce a bari sai sakamakonta ya fito. Sakamako ya fito, kuka tsayar da rana, ni kuma sai a waya na gani, kamar kowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba fitar ba ce. Ranar Juma'a da yamma mun yi waya da ke kusan minti 20. Kin ba ni labarin mai gidan hayarku, na ba ki labarin ciwon bayan Mama, har na tambaye ki me za ki yi gobe, kika ce "ba wani abu, 'yan zirga-zirga ne kawai." Tun ranar nake ta juya wannan amsar. Da mantuwa ce da na fahimta, ni ma nakan manta da mutane. Amma a lokacin kin san da fitar, kika zaɓi ki kauce. A hoto na biyu akwai kujera ta huɗu a teburin, jakarki ce a kai. Na daɗe ina kallon kujerar nan, har na ji kunyar kaina, mace da girmana.

Ban ce kin yi don ki wulaƙanta ni ba. Ban san dalilinki ba, kuma na gaji da ƙirƙiro miki dalilai cikin dare ina amsa wa kaina. Na san sau 2 a jere kuna gayyata ta ina cewa ba zan samu zuwa ba, na biyun ma sai da kuka isa sannan na turo uzuri. Idan abin ya ba ku haushi, kuna da gaskiya. Idan kuma kin ga hidimar jinyar Mama ta yi mini yawa ne, kika ce kada a ɗora mini wani nauyi, na gode da tausayin, amma na fi so a tambaye ni in ce a'a da bakina. In ma wani abu na yi wa ɗaya daga cikinku ban sani ba, ki faɗa mini kai tsaye, zan iya ɗauka.

Ke na rubuto wa ban saka a gurup ba, saboda ke ce na yi waya da ke, kuma ke ce muka shekara 11 tare. Ban yi maganar da sauran ba, ba kuma na son ta zama abin a ce wance ta ce.

Abu biyu nake roƙo. Ki gaya mini gaskiyar yadda aka yi aka bar ni, ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Sannan nan gaba idan kuna da shiri, ki sanar da ni. Ba dole ne duk inda kuka sa ƙafa a tafi da ni ba, in ma fita ce da kuke so ku yi ku kaɗai, ki ce mini haka, ya fi mini sauƙi a kan in tsinta a hoto.

Autarmu kuwa zan kira ta da kaina in yi mata murna, bai kamata fushina ya shafe ta ba, har yanzu ko "barka" ban ce mata ba.

Gobe Alhamis ina tashi aiki ƙarfe 5. In kina da sarari ki kira ni bayan nan, ko ki faɗa mini lokacin da ya fi miki, ni in kira. Na fi son in ji muryarki a kan mu yi ta rubutu.

Ki gaida mutan gida.