Amsar Buƙatar Sauya Ƙirar Gado

Assalamu alaikum Hajiya,

Mun karɓi saƙonki kan gadon nan mai ƙafa 6 da 6, wanda kike so a mayar da shi ƙafa 6 da 7, a kuma yi masa aljihu biyu a ƙarƙashi. Na tattauna da babban kafintanmu, ya tabbatar cewa aikin zai yiwu, sai dai dole a yi shi da katakon maɗaci, domin wanda muka saba amfani da shi ba zai jure nauyin aljihunan ba.

Saboda haka kuɗin zai tashi daga naira 380,000 zuwa naira 455,000, ban da katifa. Za mu kammala cikin mako 4 daga ranar da kika ba da rabin kuɗin, in Allah ya yarda.

Muna jiran amincewarki kafin mu yanka katako.

Na gode,
Manajan shago, Kano