Yadda za ka sa gem ɗinka ya hau kan GTX 1650, da tsarin wutar da ya dace da laftof ɗin

Ƙanena, na ga saƙonka cewa GTA V na rarrafe a laftof ɗinka, da hoton Task Manager da ka turo, ka kwantar da hankalinka laftof ɗin nan lafiyarsa lau, ba wanda ya cuce ka a ciniki. Acer Nitro 5 mai i5-10300H da GTX 1650 ya fi ƙarfin a ce GTA V na rarrafe a kansa haka. Abin da ke faruwa shi ne injin zane biyu ne a cikinsa, akwai ƙaramin Intel UHD da ke cikin furosesa wanda ba ya cin wuta sosai, shi ke riƙe da allo kullum, sannan ga babban na NVIDIA mai 4GB nasa na kansa wanda barci yake sai an tashe shi. A hoton naka GPU 0 ne ya cika maƙil, GPU 1 kuwa yana kan 0%, wato ƙaramin ne ke ta fama da gem ɗin, babban yana kwance.

Kafin ka taɓa komai ka jona caja, kuma ka juya ta ka karanta abin da ke rubuce a jiki. Wannan samfurin 135W yake zuwa da ita. Da yawa daga laftof ɗin da ake saya na hannu ana haɗo su da ƙaramar caja 65W don bakinta ya shiga, to in ita ce a hannunka duk saitin da zan faɗa maka ba zai kai ka ko'ina ba, furosesan kaɗai 45W ne, katin zanen kuma wajen 50W, ka ga lissafin ai ba ya fita. Sai ka ga batir na sauka alhali yana jone, gem ɗin kuma yana ta tsinkewa.

To yanzu tilasta shi. Mutane da yawa NVIDIA Control Panel suke fara gudu, da can daidai ne, amma tun sabuntawar Windows 10 ta watan Mayu 2020 zaɓin da ka yi a saitin Windows shi ke da magana ta ƙarshe, ya danne na NVIDIA. Tunda Windows 11 ne a naka, shiga Settings, sai System, sai Display, ka gangara ƙasa ka danna Graphics. In ba ka ga gem ɗin a jerin ba ka danna Browse ko Add desktop app, ya danganta da sabuntawar da ke kan naka, ka nemo fayil ɗin.

Nan ne ake yin kuskure kuma ina so ka nutsu. A cikin foldar gem ɗin akwai PlayGTAV.exe akwai GTA5.exe, na farkon ɗan buɗe ƙofa ne kawai, yana tayar da gem ɗin ya koma gefe, na biyun shi ne gem ɗin na ainihi kuma shi za ka zaɓa. Ni ma na taɓa ɓata dare guda cur ina saita na farkon ina mamakin me ya sa ba abin da ya canza. In wani gem ne daban kuma ba ka san wanne ne fayil ɗin gaske ba, ka buɗe shi yana gudana, ka danna Ctrl+Shift+Esc, ka sami sunansa a Task Manager, danna dama, Open file location, zai kai ka har gidansa. Bayan ka ƙara shi ka danna kansa, ka zaɓi High performance, za ka ga an rubuta NVIDIA GeForce GTX 1650 a wurin, in akwai Save ka danna. Sai ka rufe gem ɗin gaba ɗaya ka sake buɗewa, don ba ya sauya kati yana tsakar gudu.

In ka ga ba sunan NVIDIA ko kaɗan a zaɓin, to direba ne babu, ka sauko da shi daga shafin NVIDIA ka saka ka kashe ka kunna. Yana da nauyi, ka tanadi data.

Duk da haka ka leƙa NVIDIA Control Panel ɗin, Manage 3D settings, Program Settings, ka zaɓi GTA5.exe, ka sa High-performance NVIDIA processor, a ƙasa kuma Power management mode ka mayar da shi Prefer maximum performance. Amma don Allah a Program Settings kawai, kar ka yi shi a Global Settings, in ka yi can duk ƙaramar manhajar da ta taɓa katin sai ya tashi ya tsaya da ƙarfinsa, batir ya zube a banza, fanka na ta ihu kana karatu kawai.

Tabbatarwa ba wuya. A Task Manager ƙarƙashin Processes akwai layin GPU engine, in babu ka danna dama a saman layukan ka kunna shi, gaban gem ɗin ya kamata ka ga GPU 1 - 3D. Za ka ci gaba da ganin GPU 0 na ɗan motsi, kar ya dame ka, hoton da babban ya zana ta hannun ƙaramin yake bi kafin ya iso allo, tsarin da ake kira Optimus ke nan.

Sai maganar tsarin wuta, kuma nan ra'ayina ya bambanta da na masu bidiyon da kake kallo. Za su ce ka kunna Ultimate Performance, ni na ce ka bar shi a Balanced, sannan ka je Settings, System, Power & battery, a Power mode ka zaɓi Best performance lokacin da kake kan caja. Wannan zaɓin ma sai kana kan Balanced yake aiki. Dalilina shi ne Balanced ba ya hana furosesa kaiwa 4.5GHz ɗinsa in gem ya nema, kawai yana barinsa ya sauka ya huta in ba aiki. High performance da Ultimate kuwa riƙe shi suke a sama ko ana buƙata ko ba a yi, zafi na taruwa, kuma furosesa da katin zane bututun sanyaya ɗaya suke rabawa, in ɗaya ya ɗau zafi ɗayan ma ya sha. A ɗakinka na Kano a watan Afrilu, da rana ta haura 40, zafin nan shi ne babban abokin gabarka, da zarar furosesa ya doshi 95 zuwa 100 zai rage gudu da kansa don kar ya ƙone, shi ne za ka ga gem ya yi minti 15 lafiya sai ya fara sarƙewa.

In kana so ka ga tsarin da kake kai, buɗe Command Prompt ka rubuta:

```
powercfg /list
```

wanda ke da alamar tauraro a gabansa shi ke aiki. In wani ya riga ya canza maka, wannan zai dawo da kai Balanced:

```
powercfg /setactive SCHEME_BALANCED
```

Buɗe NitroSense, manhajar Acer da ke nuna zafi da gudun fanka, ka sa ido kan zafin, kana gem ka ɗaga fanka zuwa Max, ƙarar za ta dame ka amma ka sa abin kunne. Ka daina ɗora shi kan katifa, ta ƙasa yake shaƙar iska, ko littafi biyu ka sa ka ɗage bayansa. In har yanzu yana taɓa 95, shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, Processor power management, ka mayar da Maximum processor state na Plugged in zuwa 99%. Wannan kashi ɗayan yana kashe turbo ne, furosesa ya tsaya kusa da 2.5GHz, za ka ɗan rasa gudu musamman cikin gari inda motoci suka yi yawa, amma zafi zai sauka sosai kuma sarƙewar nan ta daina. In sanyin hunturu ya shigo ka mayar da shi 100%.

In an ɗauke wuta kuwa ka haƙura da GTA, a kan batir laftof ɗin da kansa yake rage wa katin ƙarfi, BatteryBoost na NVIDIA ma in yana kunne a 30 FPS yake tsayar da gem, kuma batirin da wuya ya kai ka awa ɗaya da wani abu. Ka yi waɗannan yau da daddare ka sake turo min hoton Task Manager da na NitroSense bayan ka yi kamar minti 20 kana bugawa, da hoton bayan cajar.