Bidiyo na 3: Haɗa Maki da Fitar da Matsayin Ɗalibai a Excel (Rubutun Naɗi)

Na malaman firamare masu zuwa ajinmu na Asabar a Mabera, Sakkwato. Tsawo: kada ya wuce minti 9.

Bello, kafin ka kunna OBS Studio: ka ja girman Excel zuwa 150%, don a waya za su kalla bayan mun tura a WhatsApp. Ka kashe fanka komai zafin da ake yi, ka yi naɗin da hantsi kafin maƙwabta su tada janareta. Duk kuskuren da na rubuta a nan ka yi shi da gangan, ka bari ya zauna a allo daƙiƙa 3 kafin gyara. Kada ka yanke ko ɗaya wai don bidiyo ya yi kyau. A ajin makon jiya kowanne na gan shi da idona.

Fayil ɗin gwaji: ɗalibai 30, daga layi na 2 zuwa na 31. A Lamba, B Suna, C Gwaji bisa 40, D Jarrabawa bisa 60. E Jimla da F Matsayi babu komai cikinsu.

0:00

ALLO: An buɗe fayil. Zirin nan mai ruwan ɗorawa yana sama.

MURYA: Assalamu alaikum, malamai, barkanmu da war haka. Yau za mu haɗa makin gwaji da na jarrabawa, mu fitar da na ɗaya har na talatin ba tare da kalkuleta ba. Kafin komai, ku duba kibod ɗinku can sama ta hagu, ku nemo `Esc`. Ku ɗora yatsa a kai. Sannan ku nemo `Ctrl` da `Z`. Idan kuna tsakiyar rubutu abu ya rikice, `Esc`. Idan kun riga kun gama aikin sannan kuka ga ɓarna, ku riƙe `Ctrl` ku danna `Z`. Za mu yi ta komawa kansu har ku gaji da ni.

0:45

ALLO: Danna E2, buga lambobi. Babu abin da ya shiga.

MURYA: Ina bugawa, shiru. Kibod ɗin lafiyarsa lau. Fayil ɗin ne ya zo ta intanet, sai Excel ya buɗe shi a kulle. Ku ɗaga ido sama, ga zirin da ke cewa `PROTECTED VIEW`. A jikinsa akwai `Enable Editing`, shi za ku danna. Akwai ƙaramin × a ƙarshen zirin, hannu yana son zuwa can. Ku bar shi. Wanda bai ga zirin ba, nasa a buɗe yake, ya biyo mu.

1:20

ALLO: A E2 rubuta `C2+D2`, danna `Enter`.

MURYA: Abubakar yana da 28 a gwaji, 45 a jarrabawa. Na nemi jimla, sai ya maido mini da abin da na rubuta. Laifina ne. Tunda ban fara da alamar `=` ba, Excel ya ɗauke shi rubutu ne kawai, kamar suna. Na goge. Yanzu ku kalli hannuna.

ALLO: Buga `=`, danna C2, buga `+`, danna D2. Tsaya. Sai ka danna E3.

MURYA: Na buga `=`, na danna akwatin gwaji, na buga `+`, na danna akwatin jarrabawa. Na gama ke nan a ganina, bari in danna wani wuri in fita. To ku dubi saman allo, inda fomula take fitowa. D2 ta ɓace, E3 ta maye gurbinta. Muddin kuna ganin layin nan mai ɗigo-ɗigo yana zagaya akwati kamar jerin tururuwa, Excel bai sallame ku ba, duk inda kuka danna zai ɗauka cikin lissafin ne. Ba a fita da maus. `Esc`, mu sake.

ALLO: Maimaita, a ƙarshe danna `Enter`. Fomula ta zauna:

```
=C2+D2
```

MURYA: Wannan karon `Enter`. Ga 73.

2:40

Bello, a nan ka matso da hoton sosai kan E2, ka tafiyar da maus kamar mai ciwon hannu. Nan ne rabin aji ya watse, har wata malama ta ɗaga murya daga baya: "Malam, mi yah hwaru? Lissahina ya gudu!"

MURYA: Saura ɗalibai 29, kuma ba za mu rubuta fomula sau 29 ba. Za mu ja ta ƙasa. Amma alamar maus a kan akwati ɗaya tana da kamanni uku, kowanne da aikinsa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙwayar gero ba.

ALLO: Maus a tsakiyar E2. Ja ƙasa.

MURYA: A tsakiya, fari ne mai kauri, kamar alamar tarawa. Na ja, akwatuna sun yi duhu, babu lamba ko ɗaya. Wannan zaɓa kawai yake yi. Bai ɓata komai ba, ku danna E2 ku dawo.

ALLO: Maus a gefen E2. Ja zuwa E6, saki.

MURYA: A bakin akwati, ya zama kibiya mai kai huɗu. Na ja, na saki. Ina 73? Ta tashi daga gaban Abubakar ta koma gaban wani yaro. Wannan ɗaukar kaya yake yi ya sauke wani wuri. Idan wurin da kuka saki akwai maki, zai tambaye ku `There's already data here. Do you want to replace it?` Ku danna `Cancel`. Ni nawa ya riga ya sauka, don haka `Ctrl` da `Z`. Ta dawo gida.

ALLO: Maus a ƙaramin ɗigon da ke kusurwar ƙasa ta dama. Tsaya daƙiƙa 3.

MURYA: Yanzu kusurwar ƙasa ta dama, kan ɗan ɗigon nan. Ya zama baƙi, siriri. Wannan muke nema. Sai kun gan shi baƙi siriri sannan ku danna ku riƙe, ku ja har layi na 31. Mai laftof wanda yatsansa yake zamewa, ya danna ɗigon sau biyu da sauri, zai cika har ƙasa da kansa.

4:30

ALLO: E9 da E17 suna nuna `#VALUE!`.

MURYA: Biyu sun ƙi. Kada ku taɓa jimlar, matsalar tana hagu. Layi na 9, a gurbin jarrabawa an rubuta "bai zo ba". Excel ba ya tara kalma da lamba. Ku goge, ku bar wurin fanko ko ku sa 0, gwargwadon ƙa'idar makarantarku. Layi na 17 kuwa ya fi wayo: kamar 40 ne, amma harafin O aka buga maimakon sifili. Ku lura ya jingina hagu, alhali sauran lambobi sun jingina dama. Na sake buga 40 da lambobi, jimla ta fito.

5:20

MURYA: Mu je matsayi. Zan fara yinsa yadda bai dace ba, ku ajiye hannu ku kalla kawai.

ALLO: A F2 rubuta wannan, `Enter`, ja har F31.

```
=RANK(E2,E2:E31,0)
```

MURYA: Ma'anarsa: ɗauki makin E2, gwada shi da na kowa daga E2 zuwa E31, sifilin ƙarshe kuma yana nufin mai maki mafi yawa shi ne na ɗaya. Lambobi sun fito, babu jan rubutu, babu gargaɗi. Abin da ya sa nake tsoron wannan kuskuren fiye da sauran ke nan, don da shi za a cika katin sakamako a raba wa iyaye.

ALLO: Gangara zuwa layi na 31. Matso da hoto.

MURYA: Zayyanu, jimlarsa 31 bisa 100. Matsayi: na ɗaya. Allah Ya ba Zayyanu ilimi mai amfani, amma bana dai ba shi ne na ɗaya ba. Mu danna akwatin mu ga abin da ke ciki.

ALLO: Danna F31. Saman allo yana nuna `=RANK(E31,E31:E60,0)`.

MURYA: Da muka ja fomula ƙasa, jerin ma ya biyo mu yana zamewa. A layi na 3 ya fara daga E3, a na 4 daga E4. Da aka iso kan Zayyanu, an gwada shi da akwatunan da babu kowa cikinsu, ya yi tsere shi kaɗai. Duk wanda yake ƙarshen rajista zai zo na ɗaya, ko da sifili ya ci. Dole mu ɗaure jerin ya tsaya wuri ɗaya, kuma turkensa alamar `$` ce. Babu ruwanta da kuɗi a nan.

ALLO: Goge F2 zuwa F31. A F2 rubuta harafi-harafi:

```
=RANK(E2,$E$2:$E$31,0)
```

MURYA: `Shift` da `4` ke ba da ita. Guda huɗu ne: gaban E, gaban 2, gaban E, gaban 31. E2 ta farko kada ku ɗaure ta, ita ce ke sauka daga ɗalibi zuwa ɗalibi. In kuka sa mata, ajin duka zai sami matsayin Abubakar. Wani zai ce muku `F4` tana sa alamar da kanta. Gaskiya ne, amma a laftof da yawa sai an haɗa da `Fn`, kuma wanda yatsansa ya sauka kan `Alt` maimakon `Fn` zai ga Excel yana shirin rufewa. Ku buga da hannu tukuna.

Idan ya nuna `#NAME?`, ku duba rubutun RANK, harafi ya faɗi. Idan ya ƙi karɓar fomular gaba ɗaya alhali komai daidai ne, wata kwamfutar `;` take so a inda muka sa `,`, musamman 'yan gwanjon da aka saita a wata ƙasa.

ALLO: Baƙi siriri, ja har F31. Danna F31.

MURYA: Jerin ya tsaya daga 2 zuwa 31. Zayyanu na 28. Ku mayar da wannan al'ada: duk fomular da kuka ja, ku danna akwatin ƙarshe ku karanta shi.

7:50

ALLO: Nuna Hadiza da Sa'adatu, kowacce 81.

MURYA: Ga na 4 har biyu, babu na 5, sai na 6. Kada ku gyara da hannu. Makinsu ɗaya ne, suka raba matsayi, mai bi musu ya zama na 6. In kuka buga 5 a kai, kun goge fomular wurin, gobe in an gyara makin wani ba zai motsa ba.

8:20

ALLO: `F12`. Zaɓi `Documents`, rubuta `Aji 5A Zango 2`, danna `Save`.

MURYA: `F12`, ko da `Fn` ga mai laftof. Ku zaɓi `Documents`, ku ba shi sunan aji da zango, don in kuka bar shi a `Downloads` da sunan da ya zo da shi, ranar Asabar za mu tarar da guda huɗu iri ɗaya muna neman na gaskiya. Daga nan `Ctrl` da `S` bayan kowane ɗalibi biyar, kun san halin wuta. Wanda ya maƙale, ya ɗauki hoton allon duka, har da saman da fomula take, ya turo zauren aji. Sai bidiyo na 4, inda za mu jera su daga na ɗaya zuwa ƙasa. Wassalamu alaikum.

ALLO: Bar teburin daƙiƙa 5, F2 a zaɓe, fomula tana bayyane. Tsayar da naɗi.