Hujjar cewa √2 ba firakshan ba ne: takardar darasin Asabar

Zuwa ga ɗalibaina na babbar sakandare, ajin lissafi na Asabar, Aboabo, Kumasi.

Makon jiya Ramatu ta yi mini tambaya ana gab da kiran sallar azahar, ban samu na amsa ta yadda ya kamata ba. Ta ce: "Malam, kalkuleta ta ba ni 1.414213562, me ya sa kake cewa √2 ba shi da ƙarshe?" Tambayar ta cancanci takarda guda, ga ta nan.

Ku ɗauki lambar da kalkuleta ta bayar, ku ninka ta sau kanta da hannu. Ba sai kun wahala ba, ku dubi ƙarshenta kawai. Ta ƙare da 2, kuma 2 sau 2 huɗu ne, don haka amsar za ta ƙare da 4 can a bayan ɗigo. Abin da ya ƙare da 4 a bayan ɗigo ba 2 cif ba ne. Kalkuleta ba ta yi ƙarya ba, gurbin rubutu ne ya ƙare mata.

Shi √2 tsawo ne na gaske. Tayil mai kusurwa huɗu daidai, kowane gefe mita 1: ku ja igiya daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a gicciye. Ƙa'idar Paitagoras ta ce tsawon igiyar sau kansa shi ne 1² + 1² = 2. Igiyar tana nan, kuna iya riƙe ta a hannu. Abin da muke da'awa shi ne babu wasu cikakkun lambobi biyu, p da q, da za a ce tsawon nan p/q ne. Lambar da ta ƙi rubutuwa haka ita ce kuke ji ana kira irashonal a makaranta.

Mu gwada mu gani. 7/5 sau kansa 49/25 ne. Da 50/25 ne da mun dace. 17/12 ya ba da 289/144, alhali 288 muke nema a sama. 99/70 ya ba da 9801/4900, muna neman 9800. Kowane karo da ɗaya tak muke kuskure. Wannan na ƙarshen ma yana cikin jakarku: takardar A4 faɗinta milimita 210, tsawonta 297, kuma 297/210 shi ne 99/70 in an rage. Mutanen Babila ma sun bar wani allon yumɓu, yana ajiye a Jami'ar Yale ta Amurka, da ke ɗauke da ƙiyasin √2 wanda ya yi daidai har gurbi biyar bayan ɗigo, shekaru fiye da 3,500 da suka wuce. Amma kusa daban, daidai daban. Kuma ko mu shekara muna gwaji muna faɗuwa, wannan bai nuna cewa gobe wani ba zai dace ba. Firakshan ba su da iyaka, ba a gwada su duka. Sai an nemo wata hanya.

Hanyar ita ce mu yarda da maganar abokin gardama, mu bi ta sannu a hankali har ta ci karo da kanta. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Aikinmu mu raka ta har ƙarshen ramin.

Kafin nan muna buƙatar guzuri biyu. Na farko: kowane firakshan ana iya rage shi har ya kai inda babu lambar da ke raba sama da ƙasa tare, sai 1. Misali 12/18 ya koma 6/9, ya koma 2/3, ya tsaya. Dole ya tsaya, domin cikakkun lambobi ba sa ta ƙanƙancewa har abada.

Na biyu ya shafi cika da mara. Cika ita ce lambar da 2 ke rabawa ba saura, kamar 6 da 14. Ana rubuta ta 2k, inda k cikakkiyar lamba ce. Mara ita ce mai barin saura ɗaya, kamar 7 da 15. Ana rubuta ta 2k + 1. Mara sau kanta mara ce, ga dalili:

(2k + 1)² = 4k² + 4k + 1 = 2(2k² + 2k) + 1

Kun ga ɗayan nan da ya maƙale a ƙarshe. Saboda haka, in aka ce maka n² cika ce, to n kanta cika ce, don da mara ce da n² ta fito mara. Ku riƙe wannan da kyau, sau biyu za mu dogara a kansa.

Yanzu hujjar. Mu ɗauka √2 firakshan ne. Wato

√2 = p/q

inda p da q cikakkun lambobi ne, q ba sifili ba ce, kuma an riga an rage firakshan ɗin har ƙarshe. Mu ninka kowane ɓangare sau kansa:

2 = p²/q², wato p² = 2q²

Ɓangaren dama 2 ne sau wata cikakkiyar lamba, don haka p² cika ce. Guzurinmu na biyu ya ce p ma cika ce. To mu rubuta p = 2k, mu mayar da ita cikin lissafin:

(2k)² = 2q²

4k² = 2q²

q² = 2k²

Ku dubi layin ƙarshe. Kamarsa ɗaya da p² = 2q², sai dai yanzu q ce a hannun hagu. Ke nan q² cika ce, q ma cika ce.

Nan maganar ta ci karo da kanta. Mun fara da cewa babu abin da ke raba p da q tare, ga shi mun tarar 2 na raba su duka biyun. Matakan da muka bi babu kuskure a cikinsu, kowa na iya sake binsu. Abu ɗaya ne muka ɗauka ba tare da hujja ba, shi ne cewa √2 = p/q. Shi ne ƙaryar. Don haka √2 irashonal ne.

Na san abin da Fuseini zai ce: "Malam, to a sake ragewa mana, tunda duka cika ne." Ai ba wani firakshan takamaimai muka zaɓa ba. Duk wanda ka kawo bayan ragewar, hujjar nan za ta sake kama shi ta ce sama da ƙasa cika ne, ka sake rabawa da 2, ta sake kama shi. Firakshan ɗin da ba ya gama raguwa kuwa babu shi.

Hujjar tsohuwa ce. Daga Girkawa ta zo, ana danganta ganowar ga almajiran Paitagoras, kuma Aristotal ya ambace ta a matsayin misalin irin wannan hanyar kafa hujja. Ni dai ban san wata hujja a lissafin sakandare da ta kai ta gajarta da ƙarfi ba.

Inda na fi ganin ɗalibai na zubar da maki wuri biyu ne. Wasu su manta su rubuta tun farko cewa an rage p/q har ƙarshe, sai su iso ƙasa ba abin da zai ci karo da wani. Wasu kuma su tsallake daga "p² cika ce" zuwa "p cika ce" ba dalili, kamar a kowace lamba haka abin yake. Ba haka ba ne. Ku gwada da 4: 6² = 36, kuma 4 na raba 36, amma ba ta raba 6. Shi ya sa wannan hanyar ba za ta taɓa nuna muku cewa √4 irashonal ne ba, kuma daidai ke nan, tunda √4 = 2/1. Haka kuma a jarrabawar WASSCE, in tambaya ta ce a bar amsa da alamar √, kada ku mayar da 3√2 zuwa 4.24, na farkon shi ne daidai, na biyun ƙiyasi ne.

Aikin gida, a kawo ranar Asabar da ƙarfe tara: ku nuna cewa √3 irashonal ne. Cika da mara ba za su wadatar kai tsaye kamar yadda suka yi a nan ba, don haka ku fara da nuna cewa in 3 na raba n², to tana raba n. Lambar da 3 ba ta rabawa ko dai 3k + 1 ce ko 3k + 2. Ku ninka kowace sau kanta ku ga saura nawa take bari. A rubuta kowane mataki da dalilinsa, kuma a bar kalkuleta a jaka.

Malam Sulemana